Na fassara jawabin darakta daga Faransanci, amma bai karantu a baki ba

Sani_Kamba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mijin yayata darakta ne, wato hedimasta, a wata firamare da ke wani ƙauye ta wajen Gaya, tsallaken iyaka kaɗan. Ranar Asabar mai zuwa zai tara iyayen yara taron farkon shekara. Ya rubuta jawabinsa shafi uku da Faransanci, domin kwafi ɗaya zai tafi ofishin sufeto. Shi Bazabarme ne, yana jin Hausa, yana ciniki da ita, amma bai taɓa tsayawa gaban dattawa ya yi dogon jawabi da ita ba, kuma yawancin iyayen Hausa suke ji. Da yake na yi firamare a Gaya kafin in dawo gida in ƙarasa a Birnin Kebbi, sai ya turo mini in mayar masa.

Na zauna dare biyu na bi shi jimla bayan jimla. Jiya da yamma na karanta wa Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Ban kai rabi ba ta ɗago kai ta ce, "To shi me yake so mu yi?" Ga wurin da ta tsayar da ni:

"Duba da sakamakon shekarar da ta gabata wanda bai kai matsayin da ake fata ba, inda aka samu kashi 61.7 cikin ɗari na nasara, kuma bisa la'akari da yawan rashin halarta da aka lura da shi musamman a tsakanin 'yan mata a ranakun kasuwa da lokacin girbi, hukumar makaranta, tare da amincewar kwamitin gudanarwa, ta yanke shawarar cewa duk rashin halartar da ya wuce kwana uku ba tare da hujja ba zai haifar da kiran uban yaro."

Babu kalmar da na bari, babu wadda na ƙara. To ina kuskuren yake? Kuma ina da ikon in taɓa tsarin maganar mutum?

Malam_Garba_Argungu:
Wa alaikumus salam. Sani, ba ka yi kuskuren ma'ana ba, amma takarda ka fassara, shi kuwa baki zai yi aiki da ita. Ka sake karanta jimlar nan da ƙarfi ka ƙirga sau nawa ka ja numfashi. Ni na gwada yanzu, sau huɗu. Sannan ka duba inda hukuncin yake: can ƙarshe, bayan dalili biyu da sunan kwamiti. Faransancin ofis haka yake tafiya, yana jera dalilai tukuna sannan ya sauke hukunci, domin mai karatu yana iya mayar da ido baya. Wanda ke zaune kan tabarma ba shi da inda zai koma. Kafin ka iso wurin kwana uku, ya manta da farkon.

Ga yadda zan faɗe ta da ni ne:

"Iyayena, bara yara kaza muka kai jarrabawa. Wasu sun haye, wasu sun rage. Da muka duba waɗanda suka rage, sai muka ga yawancinsu masu fashi ne. Ranar kasuwa babu su. Lokacin girbi babu su. Kuma abin ya fi yawa ga 'ya'yanmu mata. Saboda haka muka zauna da kwamiti muka tsayar da magana ɗaya. Yaron da ya wuce kwana uku bai zo ba, kuma ba a aiko mana da dalili ba, za mu aika a kira mahaifinsa. Na sake faɗa: in ya wuce kwana uku babu dalili, za mu kira uba."

Ka ga na bar wurin adadin a buɗe. Ka tambaye shi yara nawa suka zauna, nawa suka ci. Kashi 61.7 ba ya shiga kunnen kowa a filin makaranta.

Sani_Kamba:
Na gode Malam. Adadin yana cikin jadawalin da ya haɗo mini. Yara 47 suka zauna, 29 suka ci.

Malam_Garba_Argungu:
To shi ke nan. "Arba'in da bakwai muka kai, ashirin da tara suka haye, goma sha takwas suka rage." Wannan goma sha takwas ɗin ita za ta yi maka aiki, don kowa a ƙauyen ya san gidajen da suke. Kuma ka rubuta masa lambobin da kalmomi, kada ka bar 47 a takarda. Wanda ya yi karatu da Faransanci, idan idonsa ya faɗa kan lamba, da Faransanci take fara zuwa masa, sai ka ji ya yi tuntuɓe a tsakiyar magana.

DanZuru_88:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa ake tilasta wa yaranmu Faransanci har taron iyaye ma sai da shi? Turancin ma ba su gama iyawa ba. A kai ƙara ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi kawai.

Nasiru_Kangiwa:
Ɗan Zuru, sake karantawa. Makarantar a Nijar take. Mu nan bakin iyaka gida ɗaya ne, wani yayansa na nan ƙanensa na can. Kuma ai don kada a yi taron da Faransanci ne ake wannan aikin.

DanZuru_88:
Afuwan, ban lura ba. Allah ya taimaka.

Hajiya_Kulu_Dandi:
Sani ɗana, ni ban iya hwassara ba, amma shekara ashirin ina ƙetara iyakar ga da kaya. Taron farkon shekara ba a rasa zancen kuɗi ciki. Nawa anka ce a biya, kuma ƙaƙa ka rubuta shi?

Sani_Kamba:
Akwai, Hajiya. Gudummawar gyaran azuzuwan zana guda biyu, kowane yaro sefa 750. Na rubuta "sefa ɗari bakwai da hamsin".

Hajiya_Kulu_Dandi:
Na san a rina. Maza ka gyara tun ba a watse ma surukinka taro ba. Can ba a lissahin kuɗi hakanan da Hausa. Da dala aka lissahi, kuma dala guda sefa biyar ta. In ka ce ma tsohuwa ɗari, abin da ta ji shi na 500 ta takarda. In ka ce ɗari bakwai da hamsin, ta ji 3,750, ninki biyar na abin da aka nema. Mai ɗiya huɗu lakwal sai shi tashi shi kaɗe riga. Abin da za shi ce shi na "dala ɗari da hamsin". Kuma in akwai dubu ciki, jaka ta. Jaka guda sefa 1,000, ba irin jakarmu ta naira ɗari biyu ba.

Sani_Kamba:
Wallahi na san wannan lissafin tun ina yaro, da shi nake sayen ƙosai a Gaya. Amma da na zauna gaban takarda sai idona ya bi lambar kawai. Allah ya saka da alheri, Hajiya. Akwai wani wurin da ya ce abin da ya rage a asusu bara 12,500.

Hajiya_Kulu_Dandi:
Jaka goma sha biyu da rabi. Ko ka ce jaka goma sha biyu da dala ɗari. Kuma kak ka sa mishi canjin naira cikin jawabi, ko da akwai masu biya da naira. Canji na yau daban na gobe daban. A bar ma ma'aji wannan.

Bashar_Jega:
Shawarata ɗaya ce: kada ka bar kalmar Faransanci ko guda a ciki. In Hausa za a yi, a yi Hausa tsantsa. Makaranta, malami, jarrabawa, littafin rubutu, sakamako, duk muna da su. Balle yanzu da Nijar ɗin kanta ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025. Jawabin da aka cakuɗa ba ya da kwarjini.

Mushe_Idi_Gaya:
Salamu alaikum. Ni malami ne a wannan ɓangaren, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, wani abokina ya sa ni cikin zauren nan. Malam Bashar, gaskiya ne Hausa ta zama harshen ƙasa a takardar da aka fitar a watan Maris 2025, Faransanci ya koma harshen aiki. Kuma na yarda da kai a kan manyan kalmomin ofis, waɗanda ko mu sai mun yi tunani. Amma akwai waɗanda sun riga sun zama Hausar mutanen nan. Uwa a ƙauye ta san lakwal, ta san mushe, ta san kaye da ardwaz, wato littafin rubutu da ɗan allon rubutu, domin ita ke saye. Idan darakta ya ce "makaranta" kawai, wani dattijo zai iya ɗauka ta allo ake nufi, har sai an ce ta boko. Idan ya ce "malam", hankali zai tafi wurin liman. Ba a ƙawata harshe ake ba ranar nan, so ake a gane.

Inda zan ce a kula shi ne sunayen azuzuwa. Mu ba ma cewa aji ɗaya zuwa shida a takarda, kowane aji da sunansa, na farko se'i, na ƙarshe se'emde. Iyayen da suka taɓa shiga lakwal sun san su, sauran ba su sani ba. Sai ya haɗa biyun a karon farko, ya ce "aji shida, wato se'emde", daga nan ya ci gaba da aji shida. Haka kwamitin gudanarwa, kowa a nan Kojes yake ce masa, kuma sun san mutanen da ke ciki. Idan ka ce "kwamitin gudanarwa" za su zaci wani sabon abu ne aka kafa ba da saninsu ba.

Bashar_Jega:
Na karɓi ta lakwal da Kojes. Amma kaye? Littafin rubutu fa kowa ya san shi. In muka bi wannan hanyar, wata rana jawabin rabi da rabi zai koma.

Mushe_Idi_Gaya:
Wannan kam ko wanne ya faɗa za a gane. Ba zan yi gardama a kansa ba.

Sani, akwai abin da ya fi wannan girma wanda ban ga an taɓo ba. Wa zai karanta takardar? In daraktan ne da kansa, ka tabbata ya saba karanta Hausar boko irin taku? Da yawa cikinmu muna jin Hausa kamar ruwa, amma idonmu da ƙa'idar Faransanci ya tashi. Ka rubuta "ce", ya karanta "se". Ka rubuta "ci gaba", ya ce "si gaba". Ka rubuta "gero", yana iya fitowa "jero". Harafin u ma ba kamar naku muke furta shi a lakwal ba, shi ya sa kake ganin muna haɗa o da u a saƙonnin waya. Ƙ da ɗ da ɓ kuma, wanda bai saba ba sai ya tsaya yana kallonsu. Na taɓa ganin wani abokin aiki an ba shi takarda mai kyau irin wannan, ya tsaya gaban jama'a yana haɗa baƙi kamar ɗan aji biyu, gumi na zuba. Da ya ajiye takardar ya yi da ka, sai magana ta miƙe.

Abin da nake ba ka shawara: ka karanta masa duka a saƙon murya, sannu a hankali, kashi kashi, kowane kashi kamar minti ɗaya. Ya saurara sau uku ko huɗu yana bin takardar da ido. Duk kalmar da ta ba shi wuya, ya sake rubuta ta a gefe da hannunsa yadda shi zai iya karantawa. Takardar tasa ce, babu wanda zai duba rubutun.

Sani_Kamba:
Mushe, wannan ko kusa bai zo mini ba. Shi zai karanta. Kuma gaskiya saƙonninsa na Hausa da irin rubutun da ka faɗa yake turo su.

Aliyu_Gusau:
To ni in tambaya, me zai hana ya yi da Faransancinsa, a samu tafinta ya riƙa mayarwa? Na yi wannan aikin a wata makarantar kuɗi nan Gusau, shugabar tana Turanci ina Hausa, kusan shekara uku. Lafiya lau aka riƙa tashi.

Sai dai in faɗi gaskiya, lokaci yana ninkuwa. Jawabin minti goma ya koma ashirin da wani abu, kuma yayin da take nata, iyaye hira suke yi, sai na karɓa su yi shiru. Wani abin kuma, in an zo tambayoyi ni suke fuskanta, ni suke yi wa faɗa a kan kuɗin makaranta, ita tana gefe.

Malam_Garba_Argungu:
Aliyu, ka amsa wa kanka. Mutumin nan baƙo ne a garin, zai nemi kuɗi, zai kuma kafa doka. In ta bakin wani ta fito, ba tasa ba ce. Gara Hausarsa ta Bazabarme, ko da ya mayar da mace namiji a wuri ɗaya ko biyu, dattawa za su ji daɗi ya yi da kansa.

Ummu_Hafsa_BK:
Ni ina da ja a kan gyaran Malam Garba, tare da girmamawa. Ya yi daɗin ji, amma an ƙara abin da babu. A jimlar da Sani ya kawo, darakta bai ce yawancin waɗanda suka faɗi masu fashi ne ba. Ya ce sakamako bai yi kyau ba, ya ce akwai fashi. Abu biyu ne a jere. Malam ya ɗaura ɗaya a kan ɗaya. Yanzu a ce cikin goma sha takwas ɗin nan akwai yarinyar da ba ta taɓa fashi ba, ubanta na zaune a wurin, me zai ji? Fassara amana ce. Kuma kwafin Faransanci yana wurin sufeto, in wani ya kai ƙorafi, abin da aka faɗa da abin da aka rubuta sun saɓa.

Malam_Garba_Argungu:
Kin yi gaskiya, 'yata, na karɓa. Na zarce. Sani, cire wannan layin, ko ka tambaye shi in haka ne a rajistarsa. In ba haka ba ne, sai a ce: "Goma sha takwas suka rage. Wani abin kuma da muka gani shi ne fashi ya yi yawa." A bar mai ji ya haɗa da kansa.

Amma ina so a bambanta abu biyu. Akwai abin da mai fassara ba ya taɓawa: adadi, rana, kuɗi, hukunci, da wanda aka ɗora wa laifi ko aka sauke wa. Akwai kuma abin da dole ya taɓa in ana so a ji: tsawon jimla, abin da ke gaba da abin da ke baya, maimaici, gaisuwa. Maimaita "kwana uku" sau biyu ba ƙari ba ne, domin a takarda an ja masa layi ko an sa shi a sakin layi nasa, a baki kuwa maimaici ne jan layi. Kuma tunda mai jawabin yana raye, waya ɗaya ce tsakaninku, duk inda ka sauya ka gaya masa da Faransanci abin da Hausar ke cewa, ya amince ko ya ƙi.

Nasiru_Kangiwa:
Yaya farkon jawabin yake? Don nan ake kama mutane ko a rasa su.

Sani_Kamba:
Ya fara da jera manya: mai girma sufeto, mai girma magajin gari, shugaban Kojes, sannan abin da na fassara da "ya ku ƙaunatattun iyayen ɗalibai". Daga nan sai "abin alfahari ne a gare ni in ɗauki magana a gabanku".

Nasiru_Kangiwa:
Ɗauki magana kuma? A'a. Kuma ƙaunatattu ba ta dace da bakin namiji gaban matan mutane da dattawa ba. Sallama tukuna, ya dakata a amsa. Ka rubuta masa a takardar cewa ya dakata, don mai karatu yakan wuce. Sai godiya ga Allah da salati. Sai maigari da liman, in suna wurin, ko da babu su a takardar Faransanci. Sannan "iyayena maza da iyayena mata, sannunku da zuwa, mun gode da kuka bar ayyukanku a wannan lokaci na kaka". Su sufeto da magajin gari, ka tambaya ko za su zo da gaske. In ba za su zo ba, ba a gaida kujera.

Hajiya_Kulu_Dandi:
Kuma shi tuna ba duka ne mahaifa ba. Akwai kakanni, akwai masu riƙo. Wurin ga da kunka ce "za mu kira uba", wasu ɗiyan ubansu na Kwatano ko Legas wurin bida. A ce "uba ko wanda yaro ke hannunai".

Mushe_Idi_Gaya:
Hajiya ta faɗi daidai, kuma kalmar da muke rubutawa a Faransanci ma takan haɗa uba da uwa da mariƙi. Sani, duba asalin, ina zaton kai ka taƙaita ta zuwa uba.

Sani_Kamba:
Na duba, haka ne, iyaye ya rubuta. Na gyara.

Ga wani wurin da ya fi ba ni tsoro. Akwai sakin layi a kan 'yan mata. Ya ambaci dokar da gwamnatinsu ta fitar a 2017 ta kare karatun 'ya mace, sannan ya ce makaranta "tana yin tir da auren wuri, wanda yake annoba ce ga al'ummarmu". Haka Faransancin yake, da zafinsa. In na sa "annoba" a bakinsa gaban liman da maigari, ban san yadda za a kwashe ba.

Ummu_Hafsa_BK:
Ka bar masa abinsa. Shi ya rubuta, ya san garin da yake. In ka sassauta, ka cuci yaran da aka rubuta sakin layin dominsu. Ni an cire ƙanwata daga aji biyar, har yau in ta ga takardar asibiti sai ta kawo mini in karanta mata. Wani lokaci sai an faɗi magana da nauyinta.

Malam_Garba_Argungu:
Allah ya saka miki da alheri a kan ƙanwarki. Ban ce a cire ba, kuma ban ce a ɓoye dokar ba. Amma nauyin kalma a harshe biyu ba ɗaya ba ne. Wannan kalmar ta annoba, a Faransancin jawabai an saba jin ta, ana faɗinta a kan shan ƙwaya, a kan satar jarrabawa, har ta yi laushi. A Hausa annoba ita ce kwalara da sanƙarau. In ka ce wa mutum aurar da 'yarsa annoba ce, ka zage shi, ka kuma taɓa abin da yake gani addini ya halatta. Daga nan ba zai ƙara jin komai ba, har zancen kwana uku da na azuzuwa. Fassarar da ta fi asali zafi ita ma ba daidai ba ce. Ni zan ce: "Muna roƙonku, yarinyar da ta fara karatu a bar ta ta kai ƙarshe. Cire ta a tsakiya don aure yana cutar da ita, kuma hukuma ta yi doka a kan wannan tun 2017."

Ummu_Hafsa_BK:
Malam, "muna roƙonku" da "muna yin tir" ba ɗaya ba ne. Na farko ana iya ƙi.

Bashar_Jega:
A nan ina bayan Ummu Hafsa. A ce "makaranta ba ta yarda da wannan ba", sannan a kawo roƙon. Annobar dai a ajiye ta.

Mushe_Idi_Gaya:
Mu abin da muke yi, irin wannan maganar ba a fara jin ta a filin taro. Darakta yakan je gidan maigari da na liman tun kafin ranar, ya gaya masu abin da zai faɗa. Sau da yawa liman ne ma yake ƙara nasa bayan an gama. Akwai kuma ƙungiyar uwaye a yawancin lakwal, shugabarsu ta fi kowa sanin kalmar da za ta wuce a garin. Wannan ba aikin mai fassara ba ne, amma ka tuna masa.

Sani_Kamba:
Na kira shi yanzu, mun yi kusan rabin awa. Ya yi mamakin zancen dala ƙwarai, ya ce shi ma da baki ba zai taɓa cewa ɗari bakwai da hamsin ba, amma da ya gani a takarda da ya karanta. Sufeto ba zai zo ba, an cire. A kan masu fashi ya ce bai ƙirga ba, don haka na bi gyaran Ummu Hafsa. Ranar biyan kuɗi ya rubuta ƙarfe 16, na mayar "bayan an sauko sallar la'asar". Na sake rubuta duka layi layi, kowane layi numfashi ɗaya, da manyan baƙaƙe, shafi uku ya koma biyar. Na karanta da agogo, minti goma sha ɗaya. Na ƙara karanta wa Inna, da na gama na tambaye ta me aka ce, ta lissafo mini kwana uku, da dala ɗari da hamsin, da ranar biya. Zancen sabulu da tsaftar yara ne ya ɓace mata, ina ganin don yana tsakiya ne.

Aliyu_Gusau:
To ka sa ya tattara abubuwan da ake so su yi a ƙarshe, ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa. Ni haka nake yi. Amma kada su wuce huɗu.

Hajiya_Kulu_Dandi:
Inna taka Hausar Kamba taka ji, ita ko takardar da Hausar Kano ka rubuta ta, na gani. "Muka" da "suka". Can munka da sunka aka cewa.

Malam_Garba_Argungu:
Wannan bai dame ni ba, Hajiya, rediyo ya sa kowa yana jin ta Kano. Sai dai in shi daraktan da "munka" ya koyi Hausarsa, to a rubuta masa yadda bakinsa ya saba. Sani ya fi mu sani.

Sani_Kamba:
Da munka yake magana, Malam. Zan bi in sauya kafin in yi saƙon muryar da daddare. Sakin layin 'yan matan ne har yanzu ba mu tsayar ba. Na karanta masa na Malam Garba da na Bashar, na mayar masa kowanne da Faransanci. Ya yarda a cire annoba, amma ya ce bara yara mata biyu aka cire masa daga aji shida ana saura wata uku jarrabawa, kuma yana so a ji cewa ransa ya ɓaci. Ya ce gobe zai je wurin liman, in bar masa layin babu komai tukuna.

Ummu_Hafsa_BK:
To ya faɗi wannan ɗin mana, ba tare da suna ba. "Bara 'ya'yanmu mata biyu aka cire ana saura wata uku, kuma abin ya yi mini ciwo."

Nasiru_Kangiwa:
A ƙauye in ka ce biyu, ka faɗi suna. Iyayensu na zaune a wurin.

Sani_Kamba:
Zan tura masa duka biyun, har da abin da Nasiru ya ce. Mushe Idi, in ba damuwa zan turo maka saƙon muryar ta gefe ka saurara kafin ya tafi, ko akwai kalmar da ba a faɗi haka a wajenku.